Allon tan na ajin lissafi: inda aikin ya kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mu malaman lissafi uku ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙauye a ƙasar Ringim, kuma abin da muka sa a gaba shi ne allon katako da zai nuna wa ɗaliban aji biyu na babbar sakandare abu biyu game da giraf ɗin tan: dalilin da ya sa yake tsinkewa a digiri 90 da 270, da dalilin da ya sa yake komawa farko bayan digiri 180, alhali sin da cos sai sun cika 360. Idan allon ya yi daidai, za a kwashi lambobinsa a zana giraf ɗin da fenti a bangon aji.

Kayan da aka tanada: faffaɗan katako guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, za a kafa shi a tsaye. Sai siririyar sanda mai tsawon santimita 60, da zaren ɗinkin buhu, da tef na awo guda biyu, da noti da washa, da fenti ja da baƙi.

Cibiyar da'ira tana tsakiyar tsawon katakon, santimita 40 daga gefen hagu. Daga cibiya zuwa bakin da'ira santimita 10 ne, kuma wannan goman ita ce "ɗaya" a duk lissafin allon. Daga cibiya an ja layi a kwance zuwa dama, shi ne digiri 0. A inda ya fita daga da'irar aka tayar da wani layin a tsaye, daga saman katako har ƙasa, yana shafar da'irar a wuri guda kawai. Muna kiransa layin awo. Idan aka juya sanda zuwa wata kusurwa, aka miƙe zare a kanta har ya ratsa layin awo, tsawon da aka karanta a raba shi da 10, an sami tan na wannan kusurwar. Ba wani sabon abu ba ne, alwatika ce mai kusurwar digiri 90 wadda gindinta kullum 10 ne, tsayinta kaɗai ke canzawa.

An canza abu guda tun kafin a taɓa fenti. A ƙaramar da'irar, tsakanin digiri da digiri bai kai milimita 2 ba, kaurin fensir ma ya kusa cinye shi. Don haka aka zana wata da'irar ta biyu mai santimita 30 daga cibiya, a kanta za a yi zanen digiri, kowane digiri ya sami milimita 5 da ɗan ɗori.

Talata, 14 ga Janairu

An huda sanda a tsakiyarta, an ɗaure ta a cibiya da noti, washa ɗaya a gaba ɗaya a baya don ta juya ba tare da ta goge zanen ba. Baki ɗaya an shafa masa ja, ɗayan an bar shi fari. Tef ɗin tela da muka fara mannawa an cire shi, domin yana miƙewa idan aka ja shi da gam a jiki. An sa na ƙarfe, ɗaya yana hawa sama daga sifili, ɗaya yana sauka ƙasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwajin farko, kuma allon ya yi ƙarya. A digiri 30 ya ba da 5.7, a 45 ya ba da 9.8, babu wanda ya damu, tunda amsoshin gaskiya 5.77 ne da 10. A digiri 80 kuwa, inda ya kamata a ga 56.7, zaren ya tsaya wajen 52. Da aka juya sandar digiri 80 zuwa ƙasa, sai ya tsaya wajen 63.

Wannan saɓanin shi ya tona inda cutar take. Tan na kusurwar da ta yi ƙasa daidai yake da na wadda ta yi sama, alama kawai ke bambanta su. In da hannun mai awo ne ke rawa, kuskuren zai riƙa faɗawa nan da can. Tunda kullum sama na raguwa ƙasa na ƙaruwa, layin awon ne ya karkace, kansa ya sunkuyo wajen cibiya. An bincika sai aka ga an ja layin digiri 0 ne daidai da gefen ƙasa na katako, layin awo kuma daidai da gefen dama, alhali an ɗan datse gefen ƙasan lokacin gyara, gefunan biyu ba su haɗu a digiri 90 ba.

Yadda aka tabbatar shi ne dabarar magina ta uku, huɗu, biyar. Daga gindin layin awo a auna santimita 30 zuwa hagu a kan layin digiri 0, a auna 40 zuwa sama a kan layin awo, tsakanin alamun biyu dole ya zama 50. Namu ya ba da 49.6. Milimita huɗun nan karkata ce ta kusan digiri guda, wato wajen santimita 2 a tsawon santimita 120. Kafinta ya ce, "Malam, ai ko ƙyauren ɗaki ba a yi masa wannan ƙwaƙƙwafin." Gaskiyarsa a wajen ƙyaure. Amma a nan, idan layin ya sunkuyo da digiri guda, zaren da ke digiri 90 zai iske shi a wajen mita 5.7, ke nan allon yana koyar da cewa tan 90° tana da amsa. Abin da aka yi allon don a ƙaryata ke nan.

An kankare layin, an sake jansa da awon 30, 40, 50, an mayar da tef.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yanzu sama da ƙasa sun daidaita. Lambobin da allon ke nema, a santimita: digiri 15 ya ba da 2.7, 30 ya ba da 5.8, 45 ya ba da 10, 60 ya ba da 17.3, 75 ya ba da 37.3, 80 ya ba da 56.7, 85 ya ba da 114.3. Daga nan katako ya ƙare, domin santimita 122 ne kawai daga cibiya zuwa samansa.

A duba yadda tafiyar take. Digiri 45 na farko sun ci santimita 10 kacal. Digiri biyar da ke tsakanin 80 da 85 sun ci kusan 58. Digiri 89 zai nemi katako mai mita 5.7 sama da cibiya, 89.9 kuma mita 57. A digiri 90 cif, zaren ya miƙe sama sak, layin awo ma a tsaye yake sak, tsakaninsu santimita 10 a ƙasa, santimita 10 a sama, ko za a bi su har ƙarshen duniya. Layi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, saboda haka babu wurin da za a karanta. Tan 90° ba lamba ce babba ba, babu ita ne gaba ɗaya.

Ta fuskar lissafi ma maganar ɗaya ce:

```
tan θ = sin θ / cos θ
```

A digiri 80, sin 0.9848 ne, cos 0.1736, rabo ya ba da 5.67. A digiri 89, sin ya kai 0.9998, cos ya sauka zuwa 0.01745, rabo ya haura 57. Na sama ya kusa tsayawa a kan 1, na ƙasa ne ke ta ƙanƙancewa. Kamar a ce mudu guda ne na gero ake aunawa da gwangwani, duk lokacin da aka rage girman gwangwanin sai adadin awo ya ƙaru, ranar da gwangwanin ba shi da ciki kuwa tambayar "awo nawa" ba ta da amsa.

Akwai wata gaɓa da muka amince sai an faɗa wa ɗalibai, don kada su haddace cewa duk inda na ƙasa ya zama sifili giraf zai harba sama. A raba cos θ da cos θ: na ƙasa yana zama sifili a digiri 90, amma amsar 1 ce a dama da hagu, rami ɗaya kawai za a bari a layin. Abin da ya sa tan ke harbawa shi ne na samansa bai bi na ƙasa zuwa sifili ba. Duk inda cos yake sifili, sin yana kan 1 ko −1.

Layin tsaye da ake ja a giraf a digiri 90 shi littattafai ke kira asimtot. Mu a aji layin iyaka za mu riƙa cewa: giraf yana matsowa kusa da shi iya yadda aka so, ba ya taɓa shi, ba ya tsallaka shi.

Asabar, 25 ga Janairu

An gwada allon da ɗalibai shida, kowa ya auna digiri 30 da 85 shi kaɗai. A 30 kusan bakinsu ɗaya. A 85 aka rabu, wani sama da 120, wani ƙasa da 110, har suka fara zargin juna da ganganci. Ba laifin kowa ba ne. Kuskuren rabin digiri a wajen 30 yana kai awo tsakanin 5.66 da 5.89 ne kawai, amma rabin digirin nan a wajen 85 yana kai shi tsakanin 103.9 da 127.1. Shi kansa wannan warwatsuwar alama ce ta kusantar layin iyaka. Shi ya sa ma a teburin lissafi mai lamba huɗu, ginshiƙin bambanci na gefe yake daina amfani a ƙarshen shafin tan.

Ga wata ƙa'ida mai sauƙi da za mu rubuta a gefen allo. Idan saura digiri d a kai 90, kuma d ɗin ƙarami ne, to:

```
tan(90° − d) ≈ 57.3 / d
```

Saura 2, amsa 28.6. Saura 1, amsa 57.3. Saura rabi, 114.6. Duk lokacin da aka raba tazarar biyu, tsawo ya ninka biyu. Da wannan ake amsa wanda ya ce ai dole akwai inda zai tsaya: ya faɗi kowace lamba, a raba 57.3 da ita, an sami tazarar da za ta kai giraf wajen. In ya ce dubu, saura kusan digiri 0.057. Ƙa'idar ba ta aiki nesa da 90, a digiri 45 za ta ba da 1.27 maimakon 1, sai a kiyaye.

Wanda ya taɓa lura da inuwa da yamma ya riga ya ga abin. Sandar da aka kafa mai mita guda, idan rana ta karkata digiri 45 daga tsakiyar sama, inuwarta mita guda ce. Idan saura digiri 5 ta faɗi, inuwar ta haura mita 11. Da ranar ta kai bakin ƙasa, inuwar ba ta da ƙarshen da za a auna.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau aka tsallaka digiri 90, kuma nan ne amfanin sanda mai baki biyu ya fito. Da jan baki ya kai digiri 95, ya juya wa layin awo baya, yana kallon hagu. Zaren da aka ja ta wajensa ba zai taɓa samun layin ba. Amma sandar ta ratsa cibiya, farin bakinta yanzu yana kallon dama da ƙasa. Aka ja zare ta wajen farin, ya ratsa tef ɗin ƙasa a 114.3. Ke nan tan 95° = −11.43. Lissafi ya yarda da haka, domin bayan 90 sin yana nan sama da sifili, cos ne ya faɗa ƙasa da sifili, rabonsu ya ɗauki alamar debewa.

Wato daf da 90 ta hagu giraf yana can ƙololuwar sama, daf da ita ta dama yana can ƙasan ƙasa. Digiri 89 ya ba da 57.29, digiri 91 ya ba da −57.29. Babu wani layi da ya gangaro ya haɗa su. Ɗaliban da ke ɗiga alamu a takardar giraf sukan ɗora rula su haɗa ta 85 da ta 95, sai zanen ya fito kamar haƙoran zarto. A allon ana gani da ido cewa zaren bai bi ta tsakiya ba, ya ɓace ta sama ne ya ɓullo ta ƙasa.

Aka ci gaba da juyi. Digiri 100 ya ba da −5.67, 120 ya ba da −1.73, 135 ya ba da −1, 150 ya ba da −0.58, a 180 sandar ta kwanta, zare ya dawo sifili. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, a nan raguwa yake yi ke nan, tunda daga 11 ya koma 1." Amsar da aka ba ta ita ce ta dubi zaren, kada ta dubi lambar: daga ƙasan katako yake tahowa sama. Daga −11 zuwa −1 hawa ne, kamar mai bashin naira dubu goma sha ɗaya da ya biya saura dubu ɗaya. Tsakanin kowane layin iyaka da na gaba, tan hawa kawai yake yi, bai taɓa sauka ba.

A digiri 180 kuma sai a dubi sandar. Ja yana inda fari yake a farko, fari yana inda ja yake, amma sandar tana kwance a kan layin da ta taso. Layin awo bai san ja ko fari ba, inda sandar ta nufa kawai ya sani. Rabin juyi ya mayar da komai yadda yake, don haka digiri 210 ya ba da santimita 5.8 irin na 30, digiri 225 ya ba da santimita 10 irin na 45, a 270 sandar ta sake miƙewa tsaye aka sami layin iyaka na biyu. Sin da cos kuwa jan bakin suke bi, shi kuma sai ya yi cikakken zagaye yake komawa mazauninsa. Bayan rabin juyi dukansu biyu sun canza alama, a wajen rabo alamun suka kashe juna:

```
tan(θ + 180°) = (−sin θ) / (−cos θ) = tan θ
```

Ba zai yiwu maimaicin ya gaza 180 ba, tunda daga −90 zuwa 90 hawa yake yi ba tsayawa, babu lambar da ya ba da sau biyu. Layukan iyaka suna 90, 270, 450, ta baya kuma −90, −270. Giraf yana ratsa sifili a tsakiyar kowane biyu, a 0, 180, 360.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gwajin kalkuleta. A yawancin na ɗalibai `tan 90` yana ba da `Math ERROR`, kuma haka ya dace. Guda biyu sun ba da −1.995. Ba lalacewa suka yi ba, suna kan ma'aunin radiyan ne, ƙaramin `R` ne a saman gilashi maimakon `D`. Kafin kowane darasi a buga `tan 45`. In ya ba da 1 a ci gaba, in ya ba da 1.6198 a gyara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An fara bango. An share ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma, an bar shi ya bushe, aka yi zane da alli tukuna. A kwance santimita 1 na wakiltar digiri 2, daga −90 zuwa 450, faɗi santimita 270, reshe uku cikakku. A tsaye santimita 10 ita ce ɗaya, kamar a allo, santimita 60 sama da 60 ƙasa. Layukan iyaka sun faɗa a santimita 0, 90, 180 da 270 daga farkon zane, an yi su da jan fenti a gutsure-gutsure don kada a ɗauka ɓangaren giraf ne.

Tunda tsawon ya tsaya a 6, kowane reshe yana fita daga zane a wajen digiri 80.5 daga tsakiyarsa, saura kusan santimita 5 ya kai jan layi. Hannu yana so ya lanƙwasa ƙarshen ya manna shi da jan layin. Kada a yi. A sa kan kibiya a bar tazarar.

Reshe guda aka ɗiga da lambobi, aka yanka kwali a kan siffarsa, sauran biyun kwalin aka matsar santimita 90 aka bi bakinsa. Kwalin farko an jefar da shi saboda an kwantar da tsakiyarsa kamar giraf ɗin `x³`. Tan ba ya kwanciya a sifili, yana ratsawa ne a karkace: a digiri 15, wato santimita 7.5 daga tsakiya, ya riga ya hau santimita 2.7. Wani abin lura kuma, ana iya juya kwalin kai ya koma ƙafa siffar ba ta canza ba, amma in aka kifa shi bayansa ya dawo gaba, reshen zai zama mai sauka, wato giraf ɗin `−tan θ`. An rubuta "gaba" a fuskarsa.

An gwada zanen da tambaya guda: a nemo θ tsakanin 0 da 360 inda tan θ = −1. Aka miƙe zare a kwance santimita 10 ƙasa da sifili, ya ratsa kowane reshe sau ɗaya, a −45, 135 da 315. Kalkuleta −45 kawai yake bayarwa, kuma ba ya cikin iyakar tambaya. A ƙara masa 180 a sami 135, a sake ƙarawa a sami 315.

Reshe biyu sun sha baƙin fenti, na uku yana kan alli saboda fenti ya ƙare. Mako mai zuwa za a ƙarasa shi, sannan a fara ɗiga `tan 2θ` a ƙasansa da ma'auni iri ɗaya. Layukan iyakarsa za su faɗa a digiri 45, 135, 225 da 315, faɗin kowane reshe santimita 45, don haka tsohon kwali ba zai yi ba, sai an yanka sabo.